Hoton Ma'aikatan Kanal

Sallau ya tsufa a cikin sana'ar hoto a Talata Mafara. Da wayoyi suka yawaita, mutane suka daina zuwa a ɗauke su, sai ya koyi haɗa bidiyo a kwamfuta don kada shagon ya mutu. Ya koya ne a dole, idanunsa kuwa ba su so ba.

Wata Talata Malam Sambo ya shigo, tsohon mai buɗe ƙofofin ruwa a kanal ɗin Bakolori. Bayan doguwar gaisuwa ya zaro hoto guda, na abokan aikinsa jere a bakin ruwa. So yake a ji muryarsa yana kiran sunan kowa, jikoki su gani a waya.

Sallau ya yi wa hoton sikanin, ya kwafe shi cikin kwamfuta da girma, yadda ko an matso da fuska ba za ta fashe ba. Ya naɗi muryar tsohon ya ɗora a kwamfuta, sannan ya bi ta yana dasa alamomi: nan kallo zai tashi daga hagu a hankali, nan zai tsaya ya matso daidai lokacin da aka ce "Mamuda na Dakko". Wuni guda aikin ya ci.

Washegari Sambo ya dawo. "Na mance ban ce Mamuda shi ka kawo muna fura ba. A ƙara."

Ƙarin ya tura sauran maganar gaba. Muryar na cewa Bello, allon yana nuna wani. Sallau ya sake jan alamomin ɗaya bayan ɗaya, wuyansa na ciwo. Haka suka yi ta yi har damina ta kama, kullum da abin da tsohon ya tuno.

Ranar da Sallau ya gaji ya ce, "Baba, yau za mu naɗa, mu rufe. In murya ba ta zauna ba, hoto ba ya zama."

Sambo ya karɓi makirufo, ya bi fuskokin tiryan-tiryan. Da ya zo kan na ƙarshe, wani siriri mai malafa, sai ya yi shiru. Ya daɗe yana kallonsa.

"Tare munka yi shekaru," in ji shi. "Sunan ya tahi."

"Sai in yanke shirun, in wuce shi."

"A'a. Bar shi nan. Wataƙila wani ya gane shi."

Sallau ya bar shirun yadda yake, ya sa kallo ya riƙa matsowa kan mai malafar sannu a hankali har tsohon ya yi ajiyar zuciya. A nan bidiyon ya ƙare. Ya tura wa jikan Sambo a Bakura, ya cire tabarau ya murza ido.

Bayan sati biyu, da bidiyon ya zaga wayoyi, aka aiko daga Damri cewa sunan mai malafar Kyauta, kuma yana raye. Sallau ya ji, ya yi tsaki a hankali, ya sake buɗe aikin.