Bambancin Sule Goma

A shekarun ƙarin albashin Udoji, a ofishin odita na Keffi, na aika wa banki takarda su tabbatar da kuɗin ƙungiyar manoma. Amsa ta zo, ta gaza lissafin littafin ƙungiyar da naira ɗaya, wato sule goma. Na fusata, na ce dattijon da ke ma'ajin ƙungiyar ya yi ɓarna.

Maigidana ya ce, "Yaro, tambaye shi tukuna."

Na same shi a unguwar Yara. Ya duba, ya ce, "Ɗana, kuɗin hidimar banki ne, ba su sanar da ni ba. Sule goma, bari in cika daga aljihuna."

Na riƙe hannunsa. "Baba, rubutawa kawai za mu yi a littafin."

Sai da ya ciyar da ni kafin ya ɗauki alƙalami.