Katin Gidan Abincin Yayata

Shekarar da mijinta ya rasu, yayata ta sayar da saniyarta ɗaya tilo ta ce za ta buɗe gidan abinci kusa da tashar Dutsin-Ma. Tana da 'ya'ya, ba ta da gona, amma tana da hannu: in ta kaɗa miyar kuka, maƙwabta kan tuna suna da saƙo a gidanmu. Kawunmu, wani Alhaji mai fataucin hatsi, ya ba ta aron shago, ya kuma ɗauki nauyin buga takardar talla da za a rarraba, mai jerin abinci da farashinsa. Mun yi godiya, mun manta cewa duk wanda ya sayi ganga shi ke zaɓar kiɗa.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare a Kurfi, don haka aka tafi da ni shagon buga takardu a matsayin idon boko. Mai buga takardun wani Kirista ne ɗan kudu, ya daɗe a garin har yana cin goro. Haruffansa na dalma ne, kowane iri da akwatinsa. Ɗaya bayan ɗaya yake tsinto su ya jera, ya ɗaure, ya shafa tawada, ya danna takarda a kai. Ya ce mu dawo jibi zai fitar mana da samfur, mu zaɓa kafin ya buga da yawa.

Da muka koma muka tarar ya manna samfur huɗu a bango. Magana ɗaya ce a kan dukkansu, tuwo, shinkafa, dambu, farfesu, kowanne da kuɗinsa, sai dai kowace takarda da irin fuskarta. Na farko haruffa ne masu kauri, tsaye ƙyam, ba ado. Na biyu irin na littafin makaranta, masu 'yan ƙafafu a ƙasa. Na uku baƙi ƙirin mai ƙayoyi, irin na saman takardar shaidar gama makaranta. Na huɗu siriri, a kishingiɗe, haruffan riƙe da hannun juna, kowanne yana jan jela.

Mai shagon ya ce mu ja da baya zuwa bakin ƙofa. Daga can na farko kaɗai ke karantuwa har farashi. Na biyu sai ka matso. Na uku, yayata ta ce ita dai sammaci ya tuna mata, wa zai ci tuwo da fargaba? Na huɗu kuwa, ni da nake koya wa yara karatu sai da na kai hanci kusa da shi kafin na rabe dambu da farfesu.

Yaya ta yi ajin yaƙi da jahilci, tana karatu a hankali da yatsa. Ta nuna na farko ta ce, "Kawu, wanga ni ma na karanta shi."

Kawu bai san boko ba, amma bai taɓa yarda an faɗa a gabansa ba. Ya gyara babbar riga, ya dubi na farkon a wulaƙance.

"Wanga? Mi ya raba shi da sanarwar allurar shanu? Ɗiyar 'yar'uwata za ta buɗe waje, a rubuta ta kamar asibitin dabbobi?"

Ya taka zuwa na huɗu, ya shafa shi da yatsa. Fuskarsa ta yi haske. Ya ce wannan shi ne rubutun manya, irinsa ne a katin da aka aiko masa lokacin ɗaurin auren ɗiyar wani babban ma'aikaci.

"Alhaji, shi ya sa," in ji mai shagon. "Wannan na biki ne. Yana da kyau a layi ɗaya, a kan suna. In an jera abinci da shi, lambobi za su zama ƙanana, direba a mota ba zai gani ba."

"Direba zai biya ka ko ni?"

Daga nan Kawu ya zarce. Ya ce kalmar farko a yi ta duk da manyan baƙaƙe, tunda ba ƙaramin mutum ya sa aikin ba. Mai shagon ya rantse cewa manyan baƙaƙen wannan rubutu in sun jeru jelarsu sarƙewa take, ba mai gane su. Kawu ya ce haka yake so. Ya hango ragowar kati mai kauri da zanen fure a gefe, ya ce a kansa za a buga, da jar tawada. Yaya ta dube ni, na dubi silin. A gidanmu ba a gyara wa kawu magana a gaban baƙo, balle kawun da ya ba da shago. Da za mu fita ta roƙi samfurin farko, ta naɗe a bakin zane.

Kawu da kansa ya raba katin. Bai kai tasha ba, inda masu cin abincin saye suke. Ya ce kati irin wannan ba a miƙa wa kwandasta. Ya aika wa abokan cinikinsa na Shema da Dabawa, ya ba ni damƙi na kai wa dattawan Kurfi da Ɗantutture, hannu da hannu, tare da gaisuwarsa. Duk wanda na miƙa wa sai ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya dubi furen, ya ce, "Masha Allah! Yaushe ne?" In faɗi rana, in ƙara da cewa gidan abinci ne za a buɗe. Sai ya ce, "Allah ya kai mu." Ban ga wanda ya yi ƙoƙarin karantawa ba. Kati mai fure da jan rubutu daga hannun Alhaji, ai kowa ya san abin da yake nufi.

Ranar buɗewa yaya ta zuba kuɗin saniyar nan kaf a tukwane. Hantsi na yi sai ga mutane, a kan kekuna da bayan a-kori-kura, kowa da wankakkiyar riga da ƙamshin turare, wasu da 'ya'yansu. Suka cika benci, aka aro tabarmi. Suka ci tuwo, suka ce a ƙaro dambu, suka yaba farfesu. Wani tsoho ya ja ni gefe ya tambaye ni, cikin ladabi, wane ne angon. Da aka gama wani malami ya ɗaga hannu aka yi doguwar addu'a, aka shafa, kowa ya nemi takalminsa.

Na ga yaya tsaye a bakin murhu da ludayi a hannu. Ta yaya za ta tare sa'an mahaifinta, wanda ya zo da kati a aljihu ya kuma sa mata albarka, ta ce ya biya kuɗin tuwo? Tausayinta ya kama ni har na kasa haɗa ido da ita, kuma a lokaci guda dariya na cin cikina. Direbobi biyu da suka leƙo da kuɗinsu suka ga taron manya, suka ɗauka walima ce, suka wuce.

Kawu ya zo yana sheƙi, ya leƙa tukwanen da aka suɗe.

"Kin gani ko? Da kin bi na allurar shanu, wa zai zo? Ko loma ba ta rage ba!"

"Ba ta rage ba, Kawu," in ji ta.

Ba ta sake hura wuta a shagon ba sai bayan kaka. Daminar nan a bakin titi ta yi ta, tana tuyar ƙosai da ɗan abin da na iya ba ta, shagon kuma Kawu ya zuba buhunan gero a ciki. Da ta samu ta koma, samfurin nan na farko ta warware daga tsumma ta manna a ƙofa, duk ya yi layin ninki. Daga cikin mota ake karanta shi.

Kawu kuwa har ya bar duniya katinsa na cikin gilashi a zaure, yana nuna wa baƙi tallar da ta tara ƙauyuka huɗu a yini ɗaya. Wata rana ya nuna wa wani baƙo a gaban yaya, ya ce ta faɗa masa da bakinta ko ƙarya yake.

Ta ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Saniya guda suka cinye, kuma har yau ba wanda ya san ta sayarwa ce."