Tsofaffin Ɗaya ga Janairu

Har yau in na ji wani ya ce kwamfuta ba ta kuskure, sai na ji raina ya ɓaci. A shekarar da ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai ta samo likitocin ido, ni ce mai riƙe da rajista. Likitocin za su zo Wurno su yi kwana uku suna cire yanar ido kyauta, kuma ba za su ƙara ko wuni ɗaya ba. Wata biyu kafin zuwansu muka zagaya Wurno da Rabah da Goronyo tare da ma'aikacin jinya, yana duba ido, ni ina shigar da suna a wata manhaja da wani injiniya a Sakkwato ya haɗa mana.

Manhajar ba ta karɓar mutum sai an cike ranar haihuwa. To ina tsohon da zai ba ka rana da wata? Sai in dubi fuska in ƙiyasta shekara, in buga ɗaya ga Janairu in wuce, ga layi har bakin titi. Haka na yi wa wani dattijo mai tufkar igiya daga Maikujera, wanda kowa ke kira Baba. Idonsa duka biyu sun yi fari, maƙwabcinsa ne ya jawo masa sanda har Rabah. Na tuna shi ne don ya tsaya yi min addu'a har na baya suka fara tsaki.

Shugaban ƙungiyarmu, wani Alhaji mai son a yi komai a tsare, ya ce a fara da manya. Na jera sunayen bisa ranar haihuwa, mafi tsufa a sama. Manhajar mutum ashirin take nunawa a shafi, don haka na riƙa buga shafi a firinta, in danna na gaba, in buga, har na gama. Na ƙirga layuka, suka yi daidai da adadin da ke rubuce a saman allo. Da wannan takardar aka raba wa mutane ranaku, aka bi su da waya ɗaya bayan ɗaya.

Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu da hantsi na kira suna, sai ga wata tsohuwa daga Goronyo ta taso da bandeji a ido.

"Jiya kunka yi min," ta ce. "Yau kuma mi kuke biɗa? Gudan idon lahiyatai lau, ku bar min abuna."

Mutane suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Na duba, sai ga sunanta a ƙasan wani shafi, ga shi kuma a saman mai bi masa. Na ɗauka sau biyu na yi mata rajista, na ba ta haƙuri. Ban gama ba wayata ta yi ƙara. Maƙwabcin Baba ne, yana tambaya yaushe za a kira su, don Baba kwana biyu ke nan yana wanka da sassafe yana zama a zaure da sandarsa.

Na bi takardar da yatsa daga farko har ƙarshe, babu Baba. Na buga sunansa a wurin bincike, ga shi nan ɓaro-ɓaro da lambar rajistarsa. Tsohuwar Goronyo kuwa rajistarta ɗaya ce tak. Alhaji ya zo ya tsaya a kaina.

"Malama, shahi guda kinka yar."

"Alhaji, ga shafukan nan ka ƙirga."

Ya ƙirga, suka cika. Maimakon ya yi shiru, sai ya ce to ai wani aka cire aka sa wani, kuma ya faɗe shi a gaban masu jinya. Wallahi na ji zafin maganar nan. Shekara nawa ina yi wa ƙungiyar nan aiki ko ruwan leda ban taɓa nema ba, a ce yau ni ce mai cire tsoho makaho? Don haushi na sake buga takardar gaba ɗaya. Baba ya fito. Na kai wa Alhaji ina huci, yana dubawa sai ya ce ina limamin unguwarsu, wanda ke cikin ta farko? Liman ya ɓace. Alhaji ya ce ba za a ƙara kiran kowa ba, har Baba, sai an gano takardar da ke daidai. Nan na ji kamar in ɗauki kwamfutar in jefa a rijiya.

Na kira injiniya, wayarsa a kashe. Sai washegari da safe, ranar ƙarshe, ya ɗauka, kuma abin da ya fara tambaya shi ne ko na kashe na kunna. Na ce masa in ya sake yi min wannan tambayar zan hau mota in same shi har ofis. Ya nutsu, ya tambaye ni da me na jera. Na ce ranar haihuwa. Na ji yana danne-danne.

"Hajiya, wanga ɗaya ga Janairu hwa? Shekara guda kaɗai kin ba mutum sun hi talatin."

Ya yi min bayani. Ashe manhajar ba jeri ɗaya take yi ta yanka shi shafi-shafi ba. Duk sanda na danna shafi na gaba, sabuwar tambaya take aika wa ma'ajiyar bayanai: jera su bisa ranar haihuwa, tsallake kaza, ba ni ashirin. Waɗanda ranarsu ta zo ɗaya kuwa ba a gaya wa ma'ajiyar wa zai riga wa ba, don haka yadda ta ga dama take jera su, kuma ba dole jerin yanzu ya zama na ɗazu ba. Lokacin da na buɗe shafi na uku, Baba yana can gaba cikin rabon na huɗu. Da na buɗe na huɗu, an sake jeri, ya dawo cikin waɗanda aka tsallake, tsohuwar Goronyo ta faɗa gurbinsa. Duk wanda ya fito sau biyu, wani ne ya ɓace, shi ya sa ƙirge ya cika.

"To maganin hwa?" na ce.

"In rana ta zo ɗaya, a bi lambar rajista, tunda ba mai irin ta wani. Layin rubutu guda na cikin manhajar. Ni ya kamata in sa shi tun hwarko."

Kafin in gama shan ruwa ya gyara. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Na buga sabuwa, muka zauna ni da Alhaji muna gwada ta da ta farko, bai ko ba ni haƙuri kan maganarsa ta jiya ba. Mutum biyar ne ba a kira ba. Huɗu na kusa ne, aka ɗauko su a babur. Wayar maƙwabcin Baba ba ta shiga ba sai bayan azahar, mota kuma ba ta samu ba sai la'asar, direban ya ce shi ba ya bin hanyar nan in rana ta yi sanyi saboda 'yan bindiga, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Da asuba likitocin suka kama hanya.

Bayan mako guda na je Maikujera. Na tarar da Baba a zaure yana tufka da lalube. Na durƙusa na gaishe shi, na fara jero masa bayanin shafi da lamba, sai na ji kunyar kaina na tsaya. Na ce laifina ne, ni na ba shi ranar da ba tasa ba.

"Ni da damina anka haihe ni, ana huɗar dawa," ya ce. "Ba ki tambaye ni ba, ɗiyata. Amma ba komi. In sun dawo baɗi, in da rai, ki rubuta ni da biro."

Na ce to, Baba. Ya miƙo min igiyar da ya gama, in kai wa yara su ɗaure akuya. Ya miƙa ta wajen bango, inda ba kowa, sai da na matsa na karɓa.