Famfon Gidan Aisatu

Solomon mai haɗa famfo ne ya fara ba Sajo labarin famfon da ba a matse shi. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, Jalingo ta cika da sababbin ma'aikata da sababbin gine-gine.

"Baba Sajo, wannan babu washa a wurin rufewarsa," in ji Solomon. "Faifan tangaran ne guda biyu, ƙanana kamar maɓallin riga, an goge su sumul har sun manne da juna. Na ƙasa a tsaye yake, na sama ke juyawa. Ramukansu su haɗu, ruwa ya zo. Ka ɗan karkata hannun, ramuka su saɓa, ruwa ya tsaya."

Sajo ya yi dariya. "Tangaran na shan shayi? Solomon, ka rage ƙarya."

Shi Sajo mai facin taya ne, daga Lau ya taso. Amma duk unguwar Majidaɗi an san shi da gyaran famfo ma. Famfon da ya sani shi ne wanda ake murɗawa, a murɗa, har sandar ciki ta sauko ta danne washar roba a kan bakin ramin tagulla. Roba ta cinye, sai ɗiga. Sai ya rufe ruwa, ya kwance kan, ya yanko sabuwar washa daga tsohuwar taya ya sa. In bakin tagullar ne ya yi kaushi, ya goge shi ya yi santsi. Aljihunsa ba ya rabuwa da washa.

To, 'yarsa Aisatu ta haihu cikin bazara. Mijinta Saleh ya tafi aiki Sunkani, ya bar mata tanki cike, da wani famfo mai ƙyalli da ya sayo a Yola. Ruwan gari ya ɗauke, ba a san ranar da tanka mai kawo ruwa za ta dawo unguwar ba. Wankan jego, girkin suna, duk a kan tankin nan suke.

Famfon ya fara ɗiga. Fanta, matar Sajo, da ta je kula da mai jego, ta yi abin da ta saba a gida: ta matsa. Hannun ya ƙi wuce inda ya tsaya. Ta kama da hannu biyu, ta ɗaure shi da tsumma. Ɗiga ta zama zirara.

Sajo ya iso da sifana da washoshinsa, ya buga jikin tanki ya ji ruwa ya yi ƙasa.

"Malam, wannan famfon ba shi da kunya," in ji Fanta. "Na murɗe shi har kafaɗata."

"Ke da kokawa kika zo, ko jego?"

Ya rufe makullin da ke gindin tanki, ya cire hannun, ya kwance abin ciki. Ya duba inda zai sa washa, babu. Sai fararen abubuwa biyu suna kallonsa. Nan ya tuna sauran maganar Solomon: ƙarfi ba ya rufe wannan, sai dai ya fasa shi. In ya fashe kuwa babu faci, sai a sake kayan cikin ɗungurum.

"Baba, zai gyaru?" Aisatu ta tambaya daga bakin ƙofa, jaririya a kafaɗa.

Sajo ya zaro wuƙarsa. Ya sa bakin wuƙa a hankali ya ciro fayafayan biyu, ya ɗaga su ga rana. Ba su fashe ba. Yashin rafi ne, wanda tanka ta kwaso, ya shiga tsakaninsu ya hana su mannewa. Ya ɗauraye su a kwano, ya shafa da yatsa. Ɗaya na da ɗan ƙarce siriri kamar gashi. Ya mayar da su yadda ya same su, ya ɗaura, ya buɗe makullin.

Ya karkata hannun da yatsa ɗaya. Ruwa ya tsaya cak. Suka zuba ido. Can sai ɗigo ɗaya ya taru ya faɗo, aka daɗe kafin wani ya biyo.

"Useko, na gode, Baba," in ji Aisatu, ta zauna a dokin ƙofa tana dariya.

Fanta ta tura kwano ƙarƙashi. "Wannan ɗigon na kaji ne."

"Yatsa ɗaya, Fanta. Kin ji? Ɗaya."

Ruwa ya kai suna, har aka wanke tukwane.

Ƙarcen nan dai ba ya goguwa. Solomon ya ce sai sabon ciki, kuma a tafi da tsohon Yola a gwada, don girmansu ba ɗaya ba ne. Sajo ya ɗaura wa Aisatu tsohon famfonsa mai washa, ya ƙulle na tangaran a hankici. Saleh ya ce shi zai kai, amma kafin ya tafi aka mayar da shi aiki Wukari. Hankicin yana nan a aljihun Sajo tare da washoshi. Duk wanda ya tsaya faci, kafin ya taɓa tayar sai ya tambaye shi ko Yola ya nufa.