Batirin Ƙarƙashin Gado

Baba ya sayo batirin mota a Kazaure, ya tura ƙarƙashin gado, kamar yadda yake ajiye gero. Ranar da maciji ya sari yayana, batirin akori-kurarmu ya mutu. Muka ɗaura na ajiyar, mota ta ƙi tashi, turi kuma ya gagara cikin yashi. A kan jaki yayana ya cika, a hanyar asibiti.

Bayan sadakar uku bakanike ya goge saman batirin ajiyar ya karanta tambarin da ke kai.

"Alhaji, rufaffe ne mai ruwa a ciki, irinsa ko a ajiye yana mutuwa. Harafin C watan Maris ne, lambar ɗaya kuma shekarar tamanin da ɗaya. Shekararsa huɗu."

Baba ya ce, "Amma ko sau ɗaya ban taɓa shi ba."