Yatsun Alƙali

Har gobe ba na manta ranar da aka ajiye mini hoton wani tsohon alƙali a kan tebur. Zamanin Jihar Arewa maso Gabas ne, ina ƙaramin mai zane a wani ofishi a Jimeta. An ce in zana shi babba, a rataye a makaranta. Ya rasu tun kafin a haife ni, hotonsa kuma ɗaya ne tak, wani Bature ya ɗauka a ƙofar zaurensa.

Matsalar ita ce hannunsa na dama. Ba yatsu, sai wani farin dunƙule. Maigidana a ofis, wanda bai taɓa shakkar kansa ba, ya ce, "Kuturta ce. Zana abin da ka gani." Kafin azahar magana ta haye Yola Gari. Jikan alƙalin, Bappa Hammadu, ya zo yana huci: "Idan kun rataye wannan, wa zai sake cin tuwo da mu?" Tausayinsa ya kama ni, na roƙi mako guda.

Ƙa'idar aikin, ka tambayi shaidu ɗaya-ɗaya, kada wani ya ji na wani. Maroƙinsa ya rantse cewa alƙalin dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Na je gidansa a unguwar Wuro Hausa na auna ƙofar, tana nan yadda take, na gwada da hoton. Ashe ko kafaɗata bai kai ba! Tsoffin masinjojinsa kuwa ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya dube shi. Takalmansa dai sun siffanta mini su tsaf.

Sai wata tsohuwa ta ce in nemi wanzaminsa a Mbamba. Da na same shi, na tambaye shi gira da kunne, domin cutar in ta yi nisa takan zubar da gira, ta kumbura fatar kunne. Ya yi dariya. "Gira? Kaman buroshi! Kunnensa kuma ni nake riƙewa duk Jumma'a, lafiya lau."

"To hannun fa, Baba?"

"Wanne? Na carbi? Wannan hannu ba ya hutawa. Ina aski yana ja, sau biyu na yanke shi."

Nan na gane. Kyamarar wancan zamani sai mutum ya daskare na ɗan lokaci, abin da ya motsa ya dushe. Na sa gilashin ƙara girma, ga carbi yana lilo a ƙasan dunƙulen, shi ma rabinsa ya ɓace. Wata wasiƙa da ya rubuta shekarar rasuwarsa kuma rubutu ne garau.

Na zana shi gajere, mai gira, yatsu biyar a kan carbi. Bappa Hammadu ya ƙirga su da bakinsa, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ja ni gefe: "Ɗana, ba za ka ɗan ƙara masa tsawo ba?"

Na ƙi. Tun ranar na san hoto shaida ɗaya ne kawai, kuma in kana neman kamannin babban mutum, nemi wanda ya taɓa riƙe masa kunne.