Saƙon Ban Gajiyar da Na Aika wa Tsoho

Washegarin sunan ɗan yayata, ƙamshin soyayyen naman rago ne ya cika gidanmu a Sharaɗa, yana kokawa da warin roba da ke tasowa daga kamfanin da ke bayan layinmu. Ni kuwa ina zaune a kan turmi da wayar Umma a hannuna, domin ni aka ɗora wa aikin aika saƙon ban gajiya ga duk wanda ya zo ko ya aiko da alheri. A lokacin wayar salula ba ta daɗe da shiga gidaje ba. Tamu ƙarama ce mai tocila a ka, kuma tunda ni ce mai rubuta waƙoƙi a bayan littafin makaranta, kowa ya yarda ni na fi sanin magana.

Na ɗauki aikin da muhimmanci fiye da kima. Saƙo ɗaya ba ya wuce harafi ɗari da sittin, in ya wuce sai ya shiga shafi na biyu a ci kuɗi sau biyu, don haka kowace alama sai na auna ta. Na raba mutane gida biyu. Manya, sallama cikakkiya, “ku” daga farko har ƙarshe, addu'a, sai aya. Ba na saka musu alamar motsin rai, wannan tsayayyen sandan mai ɗigo a ƙasa, domin a idona kamar ɗaga wa babba murya ne. Tsararraki kuma na sake musu hannu. Sanduna uku, huɗu, da 'yar fuskar nan da muke haɗawa da ruwa biyu da karan ɗori da baka, wadda sai ka karkata kai hagu kafin ka ga murmushinta :-)

Akwai waɗanda suka tsaya a tsakiya suka ba ni wahala. Matar yayanmu ta girme ni da shekara biyu kacal, amma matar yaya ce. Na saka mata sanda ɗaya, na goge, na mayar, daga ƙarshe na bar mata fuska ba sanda. Autar su Umma, wadda muke cin ɗanwake a kwano ɗaya, ta samu “ku” da sanda ɗaya.

Kan kakana ne kawai ban yi shawara ba ko kaɗan. Mahaifin Baba ne, mai gadi a wata masana'antar jima a Challawa, kuma shi ne mafi tsufa a duk waɗanda zan aika wa. Tun ina rarrafe yake ce mini amarya, ni kuma ina ce masa ango ko tsoho, kamar yadda jika da kaka suke yi. Amma da na ga sunansa a fuskar waya sai kunya ta kama ni, na ga rubutu ba kamar baki ba ne. Ya kawo wa jariri lallausan buzu, don haka na rubuta masa mafi kyawun saƙon ranar: “Assalamu alaikum. Muna miƙa godiya bisa ɗawainiyarku. Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Amin.” Har na karanta wa Umma, ta ce ya yi, hankalinta yana kan kaskon suya.

Ɗan goggona kuwa, abokin wasana, wanda yake aikin shifta a masana'anta ɗaya da tsoho, na aika masa: “Acici!!! Mun ga yadda ka yi wa rago, mun gode dai!!! :-P”

Ranar Juma'a tsoho ya zo, kamar yadda ya saba bayan masallaci. Kullum daga zaure yake fara kiran, ina amaryar nan mai ƙona tuwo. Ranar sai ya yi sallama a hankali, ya jira aka amsa. Na fito da gudu na ce, “Ango, yau ina rakena?”

Ya gyara rigarsa, ya ɗan rusuna. “Barka da Juma'a, Hajiya. Kun wuni lafiya? Ya gajiyar taro?”

Na waiga in ga wace Hajiya ce a bayana. Babu kowa sai akuya.

“Tsoho, lafiya?”

“Lafiya lau, ranki ya daɗe. Saƙonku ya iso. Allah ya ƙara girma.”

Haka ya wuni. Na kawo masa ruwa, ya karɓa da hannu biyu. Na kawo abinci, ya ci bai ce gishiri ya yi yawa ba, abin da bai taɓa fasawa ba tun da na fara girki. Raken da ya zo da shi ya raba wa ƙannena, ni kuma ya ce ai manya ba sa shan rake a tsakar gida. Umma ta shige ɗaki tana toshe baki da mayafi. Baba ya ce shi ba ya shiga tsakanin miji da mata. Kowa dariya yake, ban da ni. Sati biyu suka rage in tafi makaranta, kuma ban san yadda zan tafi tsoho yana ce mini ranki ya daɗe ba.

Da ya tafi na kira ɗan goggona. Ya daɗe yana dariya da kuɗin katin Umma kafin ya yi bayani. Tsoho ajami yake karantawa, ba ya karanta boko, don haka ɗan goggon nawa ne yake karanta masa saƙo. Da ya gama karanta masa wanda na aika masa, tsoho ya ce, “Kai me ta aiko maka?” Ya nuna masa. Tsoho ya jera wayoyin biyu, ya tambayi mene ne waɗannan sandunan. Aka ce alamar mutum yana magana da ƙarfi ne, cikin raha. Ya tambayi na ƙarshen, aka karkata masa kai ya ga fuska da harshe a waje. Sannan ya duba nasa sama da ƙasa, ya ce, “Ni ko ɗaya babu?”

Saƙon gyara ya fi na farko wuya. Yatsana ya ƙi danna sanda a kan sunan kakana. Na rubuta da ɗaya, na ga rowa ce. Na tuna acici ya samu shida, sai na rufe ido na zuba: “Tsoho mai rigima!!!! Buzunka duk warin jima, jariri sai atishawa yake!!! Amma na gode, angona :-P” Na aika, na ajiye wayar a kan turmi kamar mai zafi.

Bai amsa ba. Bai ma yi filashin ba. Na kwana bakwai ina ganin na haɗa rashin kunya a kan laifi.

Juma'a ta zagayo, tun daga zaure na ji muryarsa. “Ina mai ƙona tuwon nan?” Ya shigo da wayar a hannu, kansa a karkace. “Zo nan. Wannan mai harshen, ni kike wa gwalo?”

“Kai mana.”

“Madalla.” Ya miƙo mini rake, ya riƙe ɗaya gefen bai saki ba. “An ce nawa bakwai ne, na wancan yaron shida. Da kin yi mana daidai, da na ƙara aure.”

Sai bayan shekaru, a zaman makokinsa, wani dattijo da suka yi gadi tare ya gane ni, ya ba ni sauran labarin. Ashe ba a keɓe aka karanta saƙona na farko ba. A teburin mai shayin ƙofar masana'anta aka karanta shi da ƙarfi, lokacin canjin shifta, bayan tsoho da kansa ya tara mutane ya ce su zo su ji irin tsiyar da amaryarsa take masa. Da aka kai kan “Amin” sai mai shayi ya ce, “Malam, ai wannan sallamar ka aka yi cikin mutunci.” Sati guda ma'aikata suna yi masa jaje in za su wuce ƙofa.